Sikuta na ihu amma ba gudu: bel ne ko rola?

Sadiq Malali: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da sikuta mai bel, injin GY6 150, agogo ya nuna kilomita 21,000 kuma ba a taɓa buɗe murfin bel ɗin ba. Da can a baifas yana kai 90 ba tare da wahala ba, yanzu ko na murza totur har ƙarshe a 70 yake tsayawa, inji sai ihu. Wajen tashi ma ya yi nauyi, musamman in na ɗauki mutum. Na canza fulogi, an wanke kafireto, ba abin da ya sauya. Wani ya ce bel ne, wani ya ce rola. Me zan fara dubawa?

Malam Habu Bakanike: Wa alaikumus salam, Sadiq. Tunda inji yana ihu, bar kafireto ya huta. Injin da mai ko wuta ya gaza masa shaƙewa yake yi, ba ya iya ɗaga murya. Naka ƙarfin yana nan, a hanyar zuwa taya yake ɓacewa. Amsa min abu biyu kafin a kai ga sifana. Idan kana tafiya a 40 ka murza totur gaba ɗaya, ƙarar inji ce take tashi lokaci guda mashin bai motsa ba, sannan daga baya ya kama? Na biyu, tsakanin 30 da 60 gudun yana hawa sumul, ko yana hawa ya tsaya ya sake fizga?

Sadiq Malali: Duka biyun Malam. Ƙara tana riga gudu, kuma wajen 45 yana ɗan maƙalewa sai ya fizga. In yana silo kuma ina jin kas-kas-kas daga gefen hagu.

Malam Habu Bakanike: To duka biyun ne suka gaji, kuma a kilomita 21,000 ba abin mamaki ba ne. Ƙara ta riga gudu, wannan bel ne yake sulɓi ko ya sirance. Maƙalewa da fizga aikin rola ne. Rola shida ne a bayan fulin gaba, kowanne a cikin hanyarsa. In inji ya ɗauki juyi sai su fita waje, su tura rabin fulin ya matse bel, bel ya hau sama, wato an shiga babbar giya ke nan. Muddin rolan yana da'ira yana tafiya sumul. In gefe ɗaya ya cinye ya baje, sai ya zauna a kan wurin da ya bajen, ya ƙi motsi har sai juyin inji ya fi ƙarfinsa, ya tsallake lokaci guda. Fizgar da kake ji a 45 ke nan. Kas-kas ɗin silo kuma yawanci robobin nan uku ne da ke riƙe farantin bayan rola, in sun saki faranti yake kaɗawa.

Auwal Kawo: Oga ni ma tawa ta yi haka, sai aka ɗaure cen aka canza sifaket na baya, shi ke nan. Ka gwada hakan kafin ka kashe kuɗi.

Sadiq Malali: Auwal wane mashin gare ka?

Auwal Kawo: Roba-roba 110.

Malam Habu Bakanike: Ƙanena, taka tana da giya huɗu da cen, hannun kuloci ne kawai ba ta da shi. Ta Sadiq ba cen ba sifaket ba giyar ƙafa. Aikinsu ba ɗaya ba ne.

Nura Rigasa: Ni dai abin da na sani, bel in ya mutu tsinkewa yake yi. Tunda bai tsinke ba da sauransa. Ka sa rola masu nauyi kawai, giram 15 ko 16, gudu zai dawo har ya wuce na da. Ka shafa musu giris su daina ƙara.

Bashir Injiniya: Nura, bel yana gama aiki tun kafin ya tsinke. Ba cikinsa mai haƙora ne yake jan mashin ba, gefunansa biyu ne, don su ne suke manne da fuskar fuli. Can ne yake ci, faɗinsa yana raguwa kaɗan-kaɗan. Lambar da ke bayan bel tana faɗin komai. In an rubuta 842-20-30, tsawonsa milimita 842 ne, faɗinsa 20, kwanar gefunansa digiri 30. Iyakar da littafin gyaran irin wannan inji yake bayarwa ita ce 19.0. Milimita ɗaya tak ake yarda ya rasa.

Dalilin da ya sa milimita ɗaya take da nauyi haka shi ne kwanar nan. Fulin ba a miƙe yake ba, a karkace yake, saboda haka duk milimita ɗaya da bel ya rasa a faɗi, yana nutsewa cikin fulin da kusan milimita biyu. A gudun ƙarshe, rola sun tura fulin gaba iyakar turawarsu, amma siririn bel ba zai kai bakin sama ba. Tunda bai hau a gaba ba, ba zai sauka sosai a baya ba, sai babbar giyar ta zama ƙarama. Wajen tashi kuma akasin haka ne. Fulin baya a rufe yake, sabon bel yana zama daidai bakinsa ko ya ɗan leƙo, amma wanda ya sirance ya faɗa ciki, sai mashin ya tashi kamar an sa masa giya ta biyu. Shi ya sa Sadiq ya rasa gudun sama kuma ya rasa ƙarfin tashi lokaci ɗaya. Rola masu nauyi ba su da maganin wannan.

Nura Rigasa: Amma Injiniya ai rola mai nauyi yana ƙara gudu, wannan kowa ya sani.

Bashir Injiniya: Yana sa giya ta hau da wuri, ƙarar inji ta ragu, a tafiyar 50 zuwa 60 ma har mai ya ɗan yi sauƙi. Nan kana da gaskiya. Amma iyakar inda fuli zai rufe ba ta canzawa da nauyi. In rolan asali suna kai bel har sama, masu nauyi ba su da inda za su ƙara kai shi. Abin da za ka samu shi ne mashin da ke nishi a hawan gadar Kawo da mutum biyu, don ya shiga babbar giya kafin inji ya kai juyin da yake da ƙarfi. Inda ake ganin masu nauyi sun ƙara gudu, yawanci tsofaffin ne suka cinye suka yi sauƙi har ba sa iya tura fulin, to kowane sabon rola ma zai yi wannan aikin.

Malam Habu Bakanike: Maganar giris kuma, Nura, kar a sa a wannan injin. Rolan GY6 a bushe suke aiki, robar jikinsu ita ce santsinsu. Bayan fulin a buɗe yake, giris zai watsu ya kai ga bel, kuma ƙurar hunturu ta haɗu da shi ta zama ƙullu mai cin roba. Akwai tsofaffin sikuta da rolansu ke cikin rufaffen murfi mai roba a baki, waɗannan kamfani ne ya sa musu giris, kuma su ake sake sa wa. In ka buɗe ka ga ba murfi, a bar su a bushe.

Sadiq, kafin ka kwance komai yi wannan gwajin. Ɗora mashin a kan dabul sitan, kashe shi, bari ya huce. Kwance kusoshin murfin hagu da soket lamba 8, ka jera su yadda ka ciro su don tsawonsu ba ɗaya ba ne. Duba inda bel ya zauna a fulin baya, ya kai baki ko ya nutse. Sai ka ɗauki alƙalamin maka ka ja layi a fuskar fulin gaba daga tsakiya zuwa baki. Mayar da murfi, fita ka ba shi wuta har iyakarsa a hanya mai kyau, dawo ka buɗe. Duk inda bel ya taka zai goge tawadar. Abin da ya rage a baki shi ne giyar da ba ka samu. Kada ka murza totur murfi a buɗe kana leƙawa, in bel ya tsinke a fuskarka zai tsaya.

Hajiya Maryam Barnawa: Malam Habu ina wuni. Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni gudu bai ragu ba, amma duk lokacin da zan tashi daga tsaye sai mashin ya yi ta karkarwa, gir-gir-gir, har madubi na rawa. Da ya wuce 20 shi ke nan sumul. Ya fi yi a cunkoso, kamar wajen kasuwa da yamma. An ce in sayi bel. Shi ne?

Malam Habu Bakanike: Lafiya lau Hajiya. Kada ki sayi bel tukuna. Karkarwa a daidai tashi, wadda take ɓacewa da an ɗan yi gudu, sau da yawa kuloci ne na baya. Takalma uku ne a cikin wani kwanon ƙarfe, in juyi ya ƙaru sai su buɗe su kama kwanon. A cunkoso ana ta riƙe totur kaɗan-kaɗan, takalman suna goga ba su kama ba, sai su yi zafi su yi sheƙi, ƙurar bel kuma ta taru a kwanon. Daga nan sai su riƙa kamawa suna saki. A ciro kwanon, a goge fuskar takalman da samfefa mara kaushi har sheƙin ya tafi, a goge cikin kwanon shi ma, a hure ƙurar. In kwanon ya yi shuɗi don zafi ko ya karkace, sai sabo. In fatar takalman ta kusa ƙarewa, ta gaza milimita 2, a canza su. Ki kuma daina riƙe mashin da totur a kan tudu, ki riƙe shi da birki.

Bashir Injiniya: Ƙari kaɗan a kan na Malam. Bel ma yana iya kawo karkarwa in wani wuri a jikinsa ya ƙone ya fi sauran sirancewa, amma wannan ba ta ɓacewa a 20, tana bin ki duk tafiyar. Tunda taki tana ɓacewa, a fara da kuloci. In an buɗe dai a auna bel ɗin, tunda ga shi a fili.

Hajiya Maryam Barnawa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan kai a duba gobe.

Sadiq Malali: Na yi gwajin tawadar. Tawada ta rage kusan milimita 7 a bakin fulin. Bel ya nutse a fulin baya, ana ganin ƙarfe a samansa. Cikin murfin cike yake da baƙar ƙura kamar garin gawayi. Lambar bel ɗin ta kusa gogewa amma na iya karanta 842-20-30. Na je wajen mai walda da ke da ma'aunin kalifa, muka auna shi a wuri huɗu: 18.6, 18.6, 18.7, 18.5. Na ɗan lanƙwasa shi ta baya, akwai tsagu ƙanana a gindin haƙoran, kuma zare ya fara fitowa a gefe ɗaya.

Bashir Injiniya: Madalla, yanzu ana magana da lamba. Ya rasa milimita 1.4, wato yana zama ƙasa da inda ya kamata da kusan milimita biyu da rabi a fulin gaba. Fulin nan faɗinsa wajen milimita 115 ne, bel yana yawo a kusan milimita 50 daga tsakiya in ya kai sama. Biyu da rabi cikin hamsin kashi biyar ne cikin ɗari, sannan a baya ma an yi asarar kusan haka. A haɗe wajen kashi goma. Kashi goma na 90 tara ne, ka ga bel kaɗai ya sauko da kai wajen 80. Sauran goman rola ne da sulɓi. Ko sabon mashin yana barin tawada milimita ɗaya zuwa uku a baki, don haka bakwai ɗin nan ta fi abin da bel kaɗai zai jawo. Zaren da ya fito kuwa ya isa dalilin ajiye mashin har a canza. Kada ka hau shi zuwa Zariya a haka.

Malam Habu Bakanike: Yanzu ciro fulin gaba. Notin tsakiya lamba 17 ne, kwancewarsa irin ta kowane noti. Sai an riƙe fulin, ko da ƙarfen riƙewa mai ƙaho biyu da ke shiga ramukan fuskarsa, ko a kwance da sifana mai iska. Kada a cusa sukudireba tsakanin fukafukan fanka, aluminiyam ne, karyewa suke yi, fuli ya rasa daidaito ya riƙa girgiza karanshaf. Lura da yadda washa da sauran kayan suke jere, ɗauki hoto. In za ka zaro fulin ciki, sa yatsu ka dafe farantin baya tare da shi, in ba haka ba rola za su zube ko su kife.

Ka mirgina kowane rola a kan gilashi ko tayil. Mai lafiya zai tafi, wanda ya baje zai yi tsalle ya tsaya. Girmansu 18 da 14 ne, faɗin da'ira 18, tsawo 14, kuma in da'irar ta gaza 17.4 an gama da shi. Ko ɗaya ne ya baje, shida za a canza.

Sadiq Malali: An ciro. Huɗu sun baje sosai, ɗaya har ƙarfen ciki ya fara leƙowa. A wurin da ya bajen 17.1 muka samu. Na kai wajen mai sikelin gwal, nauyinsu ya kama daga giram 12.1 zuwa 12.7. Robobi ukun nan ɗaya ta tsage. Wane nauyi zan saya?

Bashir Injiniya: Wanda bai ci sosai ba 12.7 ne, saboda haka asalinsu 13 ne. Sayi 13. Ka auna sabbin ma kafin ka sa, don akwai fakitin da za a rubuta 13 ka tarar shidan ba su yi daidai da juna ba. Bambancin da ya kai rabin giram tsakaninsu yana sa fuli ya matsa a karkace, ya cinye bushin da fulin ke zamewa a kansa.

Nura Rigasa: Ni ina haɗa uku masu 12 da uku masu 14, ɗaya bayan ɗaya. Lissafi ya ba da 13 ke nan, kuma yana tafiya.

Bashir Injiniya: Yana tafiya, masu gwaji suna yin haka don su gano nauyin da ya dace. Amma masu nauyin ne suke ɗaukar yawancin aikin, su riga sauran bajewa. In ka gano 13 kake so, sayi 13 shida.

Malam Habu Bakanike: Ni ban ga illarsa da yawa ba in an jera su tsallake-tsallake, na ga mashina da suka daɗe a haka. Abin da ba na yarda da shi shi ne a haɗa tsoho da sabo.

Sadiq, wajen sayen bel ka tafi da tsohon a hannu, ko Panteka za ka ko ina. Injin GY6 yana da gajeren gida da dogo, akwai mai cin 743-20-30, akwai 835-20-30, akwai 842-20-30. Kada a ce maka 835 da 842 duk ɗaya ne, sa wanda ka ciro. Jabu sun yi yawa kuma suna ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, don haka suna kaɗai bai isa ba. Auna faɗinsa a shagon, ya ba ka 20 ko dab da haka. Duba gefen, a bel mai kyau za ka ga layin zare ya tafi a miƙe, yankan gefen a tsabtace, rubutun baya kuma ba ya gogewa da yatsa.

Wajen haɗawa ne ake yin ɓarnar da ta fi tsada. Ka wanke fuskokin fuli da hanyoyin rola su bushe ƙarau, babu maiƙo. Bel kansa kada fetur ko mai ya taɓa shi. In akwai kibiya a bayansa, ta kalli inda yake juyawa, wato gaba in kana kallon saman bel. Sannan ka matse fulin baya da hannu biyu, kana ɗan murɗa shi, ya buɗe, ka tura bel ya nutse can ciki. Wannan ne zai ba ka sako-sako a gaba. In ba ka yi haka ba, lokacin ɗaure noti fuskar fulin waje za ta danne bel maimakon ta zauna a kan bushin. Za ka ji noti ya ɗauru alhali bel ka matse. Da an tayar da inji bel ya zame, noti ya saki, fulin ya cinye haƙoran karanshaf, aikin bel ya koma na buɗe inji. Kana ɗaurewa kana juya fulin da hannu, kana tabbatar bel yana motsi.

Bashir Injiniya: Tunda fulin yana waje, haska tocila bayan inda ya fito. In akwai jiƙar baƙin mai a kewayen karanshaf, sil ɗin da ke tare mai ya mutu, kuma sabon bel zai fara sulɓi cikin ɗan lokaci. Haka bayan kuloci, in man giya yana tsattsafowa. Akwai kuma ɗan soso a inda iska ke shiga murfin a wasu mashinan, a wanke shi. In ya toshe zafi ba ya fita, zafi kuwa shi ne yake busar da bel ya tsattsage.

Auwal Kawo: To da damina fa? Maƙwabcina in ya ratsa ruwa sai mashin ya yi ta ihu ba ya tafiya.

Malam Habu Bakanike: Ruwa ne ya shiga murfi ya jiƙa bel. Ya tsaya, ya ɗora a dabul sitan, ya bar inji a silo na ɗan lokaci ruwan ya tsiyaye ta ramin ƙasa. In ya dage da totur, bel ɗin zai ƙone a wuri ɗaya. In ruwan mai laka ne a buɗe a wanke.

Sadiq Malali: An haɗa. Sabon bel 842, rola shida masu giram 13, robobi uku sababbi. Tashi ya dawo, fizgar 45 ta tafi, kas-kas babu. Na lallaɓa shi kwana biyu sannan na gwada, ya kai 86. Tawada ta rage kamar milimita 3. Abu ɗaya, a fuskar fulin gaba akwai ɗan kwari da ya zagaye wajen tsakiya, farce yana maƙalewa a ciki.

Bashir Injiniya: Wurin da bel ya fi zama ke nan, gudun da ka saba yi a cikin gari. In farce yana maƙalewa ni zan canza fuskokin biyu. Kwarin zai riƙa riƙe bel a wannan gudun, kuma zai ci gefen sabon bel ɗin da wuri.

Malam Habu Bakanike: Ni ba zan yi gaggawa ba, Injiniya. Fulin da ya zo da mashin sau da yawa ya fi wanda za a sayo a kasuwa kyan ƙarfe da daidaiton kwana. Ɗora bakin rula a kan fuskar, Sadiq, ka haska ta baya. In hasken da ke wucewa bai kai rabin milimita ba, bar shi. Kama fulin kuma ka girgiza a kan bushin, in yana kaɗawa gefe da gefe to wannan kam a canza.

Bashir Injiniya: Rabin milimita a fuska ɗaya, Malam. In ɗayar ma haka take, an koma milimita ɗaya, daidai da iyakar asarar da ake yarda wa bel a wannan wurin.

Malam Habu Bakanike: A wannan wurin kaɗai, ba a sama ba. Ya auna dukansu biyun mu ji. Sadiq, in ka yi kilomita 3,000 ka sake buɗewa ka auna faɗin bel ɗin. In ya sauka ƙasa da 19.6 a wannan ɗan zaman, fulin ne yake cin sa, sai a bi maganar Injiniya.

Sadiq Malali: To Malam. Bushin dai ba ya kaɗawa, na gwada tun kafin a rufe. Rular ce ban sa ba, ranar Asabar zan buɗe in auna fuskokin biyu.